Sunan muƙami a sibi tsakanin Faransanci da Ingilishi: hanyoyi biyar, da wadda ta dace da kai

Wanda ya yi aiki a Maraɗi ko Damagaram sannan ya ga gurbi a Kano, da ma'aikacin Sakkwato da ke hangen aiki a Yamai, duk a wuri ɗaya suke cijewa idan sun zauna rubuta takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da sibi. Jerin ayyukan da mutum ya yi ba ya wuyar fassara. Abin da ke tsayar da alƙalami shi ne gajeren layin nan da ke ɗauke da sunan muƙami, da kuma kanun da aka raba takardar da su. Ofisoshin Nijar sun gaji tsarin Faransa, na Najeriya sun gaji na Birtaniya, kuma matakalar muƙaman ɓangarorin biyu ba ta faɗo daidai da juna ba. Ka fassara da sakaci ka rage wa kanka daraja, ka fassara da son zuciya ka ɗora wa kanka rawanin da ba a naɗa maka ba.

Domin a ga bambancin a fili, misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe. Mu ɗauka wata ma'aikaciya ce a wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a Maraɗi. Takardar shaidar aikinta ta ce ita *Responsable administratif et financier* ce. Ma'aikatan ƙungiyar 12 ne, mutum biyu ne a ƙarƙashinta, kashiya da direba, kasafin shekara sefa miliyan 85, kuma shugaban ƙungiyar take kai wa rahoto kai tsaye. Karatunta *Licence* ne a fannin gudanarwa. Tana neman aikin kuɗi a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke da ofis a Kano, kuma da Ingilishi aka ce a turo sibi.

Ma'aunan da za a auna kowace hanya

Na farko, kuma shi ne uwa uba, dacewa da takardun asali. Bayan ganawa, ofishin ɗaukar ma'aikata kan nemi takardar kama aiki ko takardar shaidar aiki, wani lokaci su kira tsohon wurin aikinka su tambaya: wane muƙami wance ta riƙe a wurinku? Idan amsar da aka ba su ta saɓa da abin da ke sibi, ba sa tsayawa binciken ko kuskuren fassara ne. Yawancin fom ɗin neman aiki suna ƙarewa da layin da kake sa hannu cewa duk abin da ka rubuta gaskiya ne, kuma ana iya sallamar mutum a kan wannan layin ko da ya riga ya kama aiki.

Na biyu shi ne fahimta: mai karantawa, wanda ɗaruruwan takardu ke jibge a gabansa, zai gane matakinka da kallo ɗaya? A nan har da manhajar tace takardu da manyan ƙungiyoyi ke amfani da ita, wadda ke laluben kalmomin da ke cikin sanarwar aikin.

Sai kuɗi da lokaci. Sai ɗorewa, wato ko layin da ka rubuta yau zai yi maka amfani gobe a wata ƙasa ba tare da ka sake shi ba. Na ƙarshe kasada, kuma iri biyu ce: kasadar a raina ka, da kasadar a kama ka da ƙari. Ta biyun ta fi muni nesa ba kusa ba, domin ta farko gurbi ɗaya take ci, ta biyu kuwa suna take ci.

Hanya ta farko: a bar muƙamin da harshensa

Ma'aikaciyarmu ta rubuta sibinta da Ingilishi, amma ta bar *Responsable administratif et financier* yadda yake. Ba ta kashe ko sisi ba, layin ya dace da takardarta harafi da harafi, kuma zai ɗore duk inda ta kai shi. Matsalar fahimta ce. Jami'in da ke Kano wanda bai ji Faransanci ba zai tsinci kalmar kuɗi a ciki, amma ba zai san ko shugabar sashe ce ko mataimakiya ba, manhajar tacewa kuma za ta wuce ta ba ta gan ta ba.

Akwai inda wannan hanya ke da haɗari ko da harshen bai canza ba. A tsarin aikin gwamnatin Najeriya, layin ma'aikatan zartarwa yana hawa daga *Executive Officer* a matakin albashi na 7, zuwa *Higher Executive Officer* a na 8, har ya kai *Chief Executive Officer* a mataki na 14. Wannan muƙami ne na gaskiya, yana nan a takardar ƙarin girma. Amma wanda ya karanta shi a Landan ko Dubai zai ɗauka shugaban kamfani ne sukutum. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, amma ya bar ƙofar da za a fahimce shi ba daidai ba, kuma ranar ganawa shi zai ji kunya. Haka babbar difloma ta *HND*: a Najeriya shekara biyu ce ta ƙaramar difloma, da shekarar koyon aiki, da wasu shekaru biyu a kai, alhali a Birtaniya mai wannan suna karatun shekara biyu ne kacal. Suna ɗaya, nauyi daban.

Hanya ta biyu: fassara kalma da kalma

Ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ɓarna. Da ƙamus a hannu, muƙamin ma'aikaciyarmu zai zama *Administrative and Financial Responsible*, abin da ba muƙami ba ne a Ingilishi, domin kalmar ta ƙarshe siffa ce a can, ba suna ba. Mai karatu zai fahimci abu ɗaya kawai, cewa Ingilishin mai takardar bai nuna ba.

Wannan ma da sauƙi, tunda kuskuren a bayyane yake. Mafi haɗari su ne kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu, suka fito sumul a fassara, amma ma'anarsu ta sha bamban. Malamin sakandare a Nijar *professeur* ne, kuma daidai ne a can. Idan ya rubuta *Professor* ya mayar da kansa farfesan jami'a. Makarantar da ya koyar, *collège*, ƙaramar sakandare ce, ba kwalejin gaba da sakandare ba. *Baccalauréat* jarrabawar kammala sakandare ce, ba digirin *Bachelor* ba. *Maîtrise* ta tsohon tsari shekara huɗu ce bayan sakandare, ba ta kai *Master* na yanzu mai shekara biyar ba. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne a lardin Kebek na Kanada *baccalauréat* da *maîtrise* digiri na farko da na biyu suke nufi, don haka wanda ke tura takarda can dole ya faɗi ƙasar da ya yi karatun da yawan shekarunsa.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Ɗan Najeriya mai muƙamin *Programme Officer* da ya rubuta *Officier de programme* ya sa wa kansa kakin soja, domin *officier* hafsa ne. Abin da ake cewa a Yamai shi ne *Chargé de programme*. Malamin jami'a mai muƙamin *Lecturer* da ya rubuta *lecteur* ya sauko da kansa, tunda wannan a jami'o'in Faransa mai taimaka wa ɗalibai da koyon harshen waje ne.

Kuɗin wannan hanya sifiri ne, sauƙinta ba a magana, amma ba ta da wani amfani da sauran hanyoyin ba su fi ta ba. Ban ga wanda zan ba shawarar ya bi ta ba.

Hanya ta uku: musanya da muƙamin da ya fi kusa

A nan ana ajiye kalmomin a dubi aikin: mai irin wannan aiki, me ake kiransa a ƙasar da ake nema? Ma'aikaciyarmu na da zaɓi uku a gabanta, *Finance and Administration Officer*, ko *Finance and Administration Manager*, ko *Head of Finance*. Dukansu ana iya kare su da baki, kuma nan gizo ke saƙar, domin zuciya kullum babban take nunawa.

Tambayoyi huɗu ne ke raba gardama. Mutum nawa ne a ƙarƙashinka? Wa kake kai wa rahoto? Kana da ikon sa hannu a fitar da kuɗi, ko shiryawa kake wani ya sa hannu? Kuma nawa ne girman abin da kake riƙe? Ma'aikaciyarmu ita ce ƙololuwar harkar kuɗi a ƙungiyarta kuma shugaba take kai wa rahoto, wannan ya ja ta zuwa manaja. Amma mutum biyu take kula da su, kasafin kuma bai wuce na reshe ɗaya na babbar ƙungiya ba, wannan ya ja ta zuwa jami'a. *Head of Finance* kuwa ya yi mata yawa, balle *Finance Director*, domin Faransanci yana da nasa sunan na wannan mataki, *Directeur administratif et financier*, kuma ba shi aka ba ta ba. Wannan ma'auni ne mai amfani a ko'ina: idan harshen asali yana da kalmar da ta fi taka girma kuma ba a ba ka ita ba, kada ka karɓe ta ta ƙofar fassara.

Mai son abin dogaro da ya wuce ra'ayinsa zai iya duba jadawalin sana'o'i na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ISCO-08, wanda ake samu da Ingilishi da Faransanci, kuma kowace sana'a tana da lamba mai alƙaluma huɗu da bayanin ayyukanta. A harkar lissafin kuɗi, alal misali, 2411 ta cikakkun akantoci ce, 3313 ta masu taimaka musu a matakin ƙwararru na tsakiya, 4311 kuma ta akawun da ke shigar da lissafi. Kalmar *comptable* guda ɗaya tana iya faɗawa ko'ina cikin ukun. Ka karanta bayanin kowace lamba, ka ga wadda ta yi daidai da abin da kake yi daga Litinin zuwa Juma'a, sannan ka ɗauki sunan daga can. Ba a rubuta lambar a sibi, ma'auni ne kawai na bayan fage.

Akwai iyakar da wannan hanya ba ta ƙetarawa, wato muƙaman da doka ta tsare. A Najeriya sunan injiniya na wanda ya yi rajista da hukumar kula da sana'ar injiniya ta COREN ne, saboda haka *ingénieur* daga Nijar ba zai sa *Engr.* gaban sunansa ba sai ya yi wannan rajista. A tsarin Faransanci ma kansa akwai bambanci tsakanin *ingénieur des travaux*, mai karatun kusan shekara uku bayan sakandare, da *ingénieur de conception* mai shekara biyar. *Chartered Accountant* na mambobin ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya ta ICAN ne da takwarorinta na wasu ƙasashe, kamar yadda *expert-comptable* yake na wanda ke cikin rajistar ƙungiyar masu wannan sana'a. *Infirmier diplômé d'État* ba ya zama *Registered Nurse* sai hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya ta yi masa rajista. A waɗannan wurare musanya ba fassara ba ce, iƙirarin lasisi ne da mutum bai mallaka ba.

Ta fuskar fahimta babu hanyar da ta kai wannan, kuma kyauta ce in ban da lokacin bincike. Rauninta biyu ne. Ba ta ɗorewa, domin abin da ya yi daidai a Kano ba lallai ya yi daidai a Amurka ba, inda bankuna ke kiran ma'aikacin tsakiya *Vice President*. Kuma sunan da ke sibi ba ya nan a kowace takarda taka, don haka ranar bincike kai kaɗai ne shaidarsa.

Hanya ta huɗu: muƙamin asali, da bayani a gefensa

Wannan ta haɗa ta farko da ta uku. Ana rubuta muƙamin kamar yadda yake a takardar shaida, a biyo shi da mafi kusa a harshen mai karatu tare da kalmar da ke nuna kwatanci ne, sannan layi na gaba ya ba da girman aikin da alƙaluma. Na ma'aikaciyarmu zai fito kamar haka:

```
Responsable administratif et financier, equivalent to Finance and Administration Manager
Local NGO, 12 staff, Maradi, Niger. Reported to the Executive Director.
Supervised 2 staff. Annual budget XOF 85 million, about EUR 130,000.
```

A lura da abin da layuka biyu na ƙasa suka yi. Sun ba ta damar amfani da kalmar manaja ba tare da ruɗi ba, domin mai karatu ya ga ma'aikata 12 da mutum biyu da ke ƙarƙashinta, shi zai yanke wa kansa hukunci. Da ta ɓoye alƙaluman, da kalmar ta yi nauyin da bai kamata ba. An kuma juya kasafin zuwa yuro maimakon naira da gangan: sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga kowane yuro ɗaya, don haka lissafin ba ya tsufa, alhali na naira zai iya zama kuskure kafin a kira ta ganawa.

Ma'aikacin gwamnatin Najeriya da muka ambata zai yi irin wannan, ya rubuta muƙaminsa, ya ƙara cewa matakin albashi na 14 ne a tsarin da ya ƙare a 17, a layin ma'aikatan zartarwa, ƙarƙashin mataimakin darakta. Malamin jami'a ma haka, domin matakalar CAMES, hukumar da ke tsara muƙaman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wato *assistant*, *maître-assistant*, *maître de conférences*, *professeur titulaire*, guda huɗu ce, ta Najeriya kuwa daga *Graduate Assistant* zuwa *Professor* guda bakwai. Huɗu ba ta hawa kan bakwai daidai, sai da bayani.

Abin da wannan hanya ke ci shi ne wuri, layi ɗaya ko biyu a kowane aiki. Matsalarta ta gaske tana fitowa a fom na intanet mai ƙaramin akwati ɗaya na muƙami. A nan sai a sa na asali a akwatin, a fara bayanin ayyuka da kwatancin. Idan akwatin jerin zaɓi ne da ba a iya rubutu a ciki, a zaɓi mafi kusa, kuma idan ana shakka tsakanin biyu a ɗauki na ƙasa, a rubuta na asali a layin farko na bayani.

Hanya ta biyar: fassarar hukuma da tantance shaida

Abubuwa biyu ne da ake yawan haɗa su. Rantsattsen mai fassara, wanda ake kira *traducteur assermenté*, yana fassara takardar ya buga hatimi cewa abin da ke cikinta ke nan, kuma yawanci da shafi ake biyansa. Ba ya cewa digirinka daidai yake da wani. Wannan aikin masu tantancewa ne: sashen tantance takardun waje na Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, WES ga masu nufin Amurka da Kanada, UK ENIC a Birtaniya, cibiyar ENIC-NARIC a Faransa. Ita ce hanya mafi tsada da cin lokaci, ana maganar makonni ne, wani lokaci watanni idan sai jami'arka ta aika sakamakonka da kanta.

Ga ma'aikaciyarmu amfaninta a kan *Licence* yake. Shekara uku ce bayan sakandare, digirin Najeriya kuwa akasari huɗu ne, kuma masu tantancewa ba su da baki ɗaya: wani ya lissafa ta cikakken digiri na farko, wani ya ce karatun jami'a na shekara uku. Kafin ta samu takardar tantancewa, abin da za ta rubuta shi ne sunan asali da tsawonsa, *Licence en gestion, three-year first degree*, ba *B.Sc.* ba. Haka sakamako: *Mention Bien* maki 14 ne zuwa ƙasa da 16 cikin 20, sai a rubuta makin yadda yake, kada a mayar da shi *Second Class Upper* da hannu. Sai dai a sani, tantancewa karatu take aunawa. Muƙamin aiki ba ya cikin hurumin waɗannan ofisoshi, kuma takardar da aka samu don wata ƙasa ba lallai wata ta karɓe ta ba.

| Hanya | Kuɗi da lokaci | Fahimta | Ɗorewa | Kasada |
|---|---|---|---|---|
| Barin asali | babu | kaɗan | sosai | a wuce ka, ko a ɗauke ka abin da ba kai ba |
| Kalma da kalma | babu | mai ruɗarwa | babu | babba |
| Musanya | awa ɗaya ko biyu na bincike | sosai | ƙasa ɗaya kawai | saɓani da takardu |
| Asali da bayani | kamar na sama, da ƙarin layi | sosai | sosai | ƙarama |
| Fassarar hukuma da tantancewa | kuɗi da makonni | sosai, a karatu kawai | ga ƙasar da aka yi dominta | ƙarama |

Kanun sassa

A nan hukuncin ya bambanta. Kan sashe ba iƙirari ba ne, alamar hanya ce, babu wanda zai kira tsohon ofishinka a kansa. Saboda haka musanya ce daidai: a yi amfani da kan da masu karatu suka saba gani.

| Faransanci | Ingilishi | Tarkon da ke ciki |
|---|---|---|
| Formation | Education | *Formation* a Ingilishi ba karatu ba ne, *Éducation* a Faransanci ya fi karkata ga tarbiyya |
| Expérience professionnelle | Work Experience | babu |
| Stages | Internships | *Stage* a Ingilishi dandamali ne ko mataki |
| Compétences | Skills | babu |
| Centres d'intérêt | Interests | babu |
| Références | Referees | *Arbitres* alƙalan wasa ne |

Gaskiya tana shigowa ne wajen abin da aka zuba a ƙarƙashin kan. Koyon aiki na wata uku da aka sa a ƙarƙashin gogewar aiki ba tare da an ce koyon aiki ba ne, ƙari ne, ko da kowace kalma daidai take. Hidimar ƙasa ta NYSC, wadda aka kafa a 1973, shekara ɗaya ce ta aikin farar hula, kada a rubuta ta *service militaire*. Mai karatu a Nijar zai gane ta nan take idan aka ce *service civique national*, domin suna da irinta, sai a ƙara sunan NYSC da aikin da aka yi a wurin, koyarwa ne ko aikin ofis.

Akwai kuma sassan da ba fassara suke buƙata ba, cirewa. Jihar asali da ƙaramar hukuma suna da ma'ana a aikin gwamnatin Najeriya saboda rabon gurabe tsakanin jihohi, amma a wajen ƙasar ba su da aiki. Sashen *État civil*, mai ranar haihuwa da aure da yawan 'ya'ya, da hoton fasfo a kusurwa, abu ne da aka saba a Yamai. A Birtaniya da Amurka ba a sa su, domin masu ɗaukar aiki suna gudun zargin nuna bambanci. A sashen harsuna kuma, tsohuwar jimlar nan ta *lu, écrit, parlé* ba ta gaya wa kowa komai. Matakan Turai daga A1 zuwa C2 sun fi, da sharaɗin a nuna ko jarrabawa aka ci ko kimanta kai ne. Hausa a rubuta ta a matsayin harshen uwa, domin a aikin da ya shafi yankin kan iyaka tana cikin abin da ake nema.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Mai neman aiki a ƙungiyar ƙasa da ƙasa ko kamfanin da ke binciken tsohon wurin aiki, kamar ma'aikaciyarmu, ya ɗauki hanya ta huɗu a muƙamai, ya musanya kanun sassa. Wanda ke tura takarda inda ake jin harsunan biyu, misali ofishin yanki da ke kula da Nijar da Najeriya tare, hanya ta farko ta ishe shi, in dai ya sa alƙaluman girman aikin. Mai sana'ar da sunanta bai da ruɗani kuma doka ba ta tsare shi ba, direba, ma'ajin sito, kashiya, mai gyaran lantarki, musanya kai tsaye ba ta da laifi: *magasinier* shi ne *Storekeeper*, *caissier* shi ne *Cashier*, babu abin da za a ƙara. Injiniya, akanta, ma'aikacin jinya da likita su bar muƙaminsu da harshen asali, su faɗi ƙasar da hukumar da ta yi musu rajista, kuma idan sun fara neman rajista a sabuwar ƙasar su rubuta cewa tana kan hanya, da watan da suka shigar da takardu. Mai neman gurbin karatu, aikin gwamnati ko bizar aiki kuwa ba shi da mafita sai hanya ta biyar a kan takardun karatunsa, kuma ya fara ta tun kafin a buɗe gurbin, ya tambayi inda zai kai takardar wace hukumar tantancewa suke karɓa kafin ya biya kuɗin kowa.